Ƙwayar da ke kwantar da hankali yau, ta tayar da shi gobe

Idan ana maganar shaye-shaye, hoton da ke fara zuwa zukatan jama'a shi ne matashi mai jajayen idanu a kango ko bakin tasha. Amma akwai wani rukuni da ba a cika lissafawa da shi ba, kuma yana da yawa: ɗan kasuwar da bashi ya hana shi barci, ɗalibar da gabanta ke faɗuwa duk sanda jarrabawa ta matso, uwargidan da aka yi wa kishiya, direban da ya taɓa faɗa wa masu garkuwa da mutane a hanya. Waɗannan ba nishaɗi ya kai su ba. Sun je neman abin da zai tsayar da bugun zuciya ne, ya ba su barcin awa biyar. Wani ya samu a karan sigari, wani a kwalbar giya ko ta maganin tari, da yawa kuma a 'yar ƙaramar ƙwayar barci da mai kemis ya naɗe musu a takarda.

Abin da ba a gaya musu a wurin saye shi ne, duk waɗannan abubuwa suna aiki, kuma aikin nasu ne tarkon. Suna kwantar da hankali na 'yan sa'o'i, sannan fargabar ta dawo fiye da yadda ta tafi. Mai sha ba ya gane cewa abin da ya sha jiya ne ya haifar da tashin hankalin yau, sai ya ɗauka ciwonsa ne ya tsananta, ya ƙara. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin wannan zagaye, kuma muddin iyalai da hukumomi ba su fahimce shi ba, wa'azi da kame kaɗai ba za su fitar da waɗannan mutane ba. Wani lokacin ma sukan jefa su cikin haɗarin da ya fi wanda suke ciki.

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a watan Janairun 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 a Najeriya sun yi amfani da wani nau'in ƙwaya a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Kimanin miliyan 2.4 sun sha maganin tari ba don tari ba. Alƙaluman sun faɗi yawan masu sha, amma sai a ɗakin likita ake jin dalilin da ya sa mutum ya fara.

Birki da totur

Ƙwaƙwalwa tana tafiya ne da abubuwa biyu, kamar mota. Akwai sinadarin da ke taka birki, mai suna GABA, wanda ke rage gudun saƙonni tsakanin jijiyoyi, mutum ya ji jikinsa ya saki. Akwai kuma mai taka totur, wato gulutamet, wanda ke sa a farka, a lura, a yi tunani. Lafiyar hankali tana cikin daidaiton su biyun.

Giya da ƙwayoyin barci irin su diyazefam, wanda aka fi sani da Baliyam, suna ƙara wa birkin ƙarfi. Shi ya sa cikin rabin awa zuwa awa guda mutum kan ji ƙirjinsa ya yi sanyi, tunanin da ke ta kai-komo ya lafa. Sai dai ƙwaƙwalwa ba ta yarda a danne ta haka kullum. Idan ta ga ana taka mata birki daga waje kowane dare, sai ta sassauta nata birkin, ta ƙara danna totur don ta ci gaba da tafiya yadda ta saba. Wannan gyara yana faruwa a cikin 'yan makonni, ba tare da mai sha ya sani ba.

Ranar da ƙwayar ta fita daga jini, birkin aro ya tafi, na gida ya yi laushi, totur kuma yana ƙasa. Abin da mutum zai ji shi ne bugun zuciya, gumi, rawar hannu, rashin barci da tsoron da ba shi da dalili. Alamomin nan su ne dai waɗanda suka kai shi kemis tun farko, don haka babu abin da zai sa ya zargi maganin.

Sigari ce ta fi nuna abin a fili, domin agogonta gajere ne. Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan an zuƙa, kuma rabinsa yana barin jini cikin kusan awa biyu. Ga wanda ya saba, da zarar ya fara raguwa sai ƙunci da saurin fushi da rashin natsuwa su taso. Ya kunna wani kara, su kwanta, ya ce sigari na kwantar masa da hankali. Alhali abin da karan ya kashe ƙishirwar da karan baya ya bari ce. Nikotin kansa ƙara bugun zuciya da hawan jini yake yi. Mai shan kwali ɗaya a rana yana hawa da sauka a wannan tsani sau 20 tsakanin asuba da dare. A 2014 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari da ya haɗa sakamakon bincike 26, ya nuna cewa waɗanda suka daina shan taba sun samu raguwar fargaba da damuwa idan aka kwatanta da waɗanda suka ci gaba. Wahalar dainawa takan kai ƙololuwa a kwana na biyu ko na uku, ta yi ta raguwa cikin mako biyu zuwa huɗu.

Giya kuwa da dare take karɓar bashinta. Tana sa a yi saurin yin barci, amma da jiki ya gama sarrafa ta a tsakiyar dare sai barcin ya kakkarye, mutum ya farka wajen ƙarfe uku zuciya na dukan ƙirji, ya kasa komawa. Rashin barcin kansa yana ƙara fargabar washegari. A inda shan giya abin kunya ne kuma haramun ne a addini, nadama da tsoron tonon asiri sukan hau kan wannan, su sa mutum ya ƙi gaya wa likita gaskiya ko da ya je asibiti.

Wata uku a kan ƙwaya ɗaya

A ɗauki misalin wata mata 'yar shekara 34, mai sayar da atamfa, da uwar adashe ta gudu da kuɗinta. Barci ya ƙaurace mata, gabanta na faɗuwa duk sanda waya ta yi ƙara. Wata ƙawarta ta ba ta diyazefam mai miligiram 5, ta sha, ta yi barcin da ta yi wata guda ba ta yi irinsa ba. Washegari ta aika yaro kemis.

Mako biyu na farko komai lafiya. A mako na uku ƙwaya ɗaya ta daina kai ta asuba, sai ta koma biyu. Cikin wata na biyu ta lura da wani abu sabo: tun kafin la'asar hannunta ya fara rawa, hayaniyar kasuwa na damunta, ba ta iya jure kukan yara. A baya fargabarta tana da dalili, sai an yi maganar kuɗi take tashi. Yanzu ko ba a yi komai ba tana nan. Ta ƙara ɗaya da rana. Zuwa ƙarshen wata na uku tana shan huɗu, miligiram 20 a rana, kuma ba ta jin daɗin da ta ji a daren farko. Tana sha ne kawai don ta iya tsayuwa a shago.

Sai mijinta ya gano takardun ƙwayar a cikin jakarta. Ya yi abin da yawancin mazaje za su yi: ya zubar da su a masai, ya je ya ja wa mai kemis kunne, ya hana ta fita. Kwana ɗaya, kwana biyu, ba abin da ya faru, har ya ce ai ga shi dama raki ne. Dalilin shirun shi ne diyazefam yana daɗewa a jiki, yakan ɗauki kwanaki kafin ya ragu sosai, don haka alamomin rabuwa da shi sukan jinkirta zuwa kwana biyu har zuwa mako guda. A kwana na huɗu ta daina barci gaba ɗaya. Haske na sukar idonta, ƙarar cokali a kwano kamar guduma, tana jin kamar ƙwari na bin fatarta, tana cewa gidan ya sauya mata kamar ba nata ba. A kwana na shida ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga.

A nan ne gidaje da yawa ke kuskure hanya. Wanda ya ga mace tana sambatu, tana ganin abin da babu, tana faɗuwa, zai ce iska ce ko sammu, tunda babu wanda ya haɗa abin da ƙwayar da aka zubar mako guda da ya wuce. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma jinkirin zuwa asibiti a wannan hali yana iya kashe mutum. Jijjigar da ke biyo bayan yanke ƙwayar barci ko giya farat ɗaya, totur ne ya ƙwace wa ƙwaƙwalwa, kuma magani ne ke tsayar da ita.

Abin da likita zai yi yakan ba dangi mamaki: zai mayar da ita kan ƙwayar. Daga nan sai a fara ragewa sannu a hankali, don a ba birkin gida lokacin farfaɗowa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na abin da ake sha, duk mako ɗaya ko biyu. Ga mai shan miligiram 20, ana iya cire miligiram 2 duk mako biyu: 18, 16, 14, haka har ƙasa. Wannan lissafi kaɗai ya kai mako 20, kusan wata biyar, kuma sau da yawa ana ƙara sassautawa idan an zo ƙasa, domin miligiram na ƙarshe sun fi na farko wuyar saki. Idan wani mataki ya yi tsanani ana tsayawa a kansa har jiki ya saba, ba a komawa sama. Ƙwayar da ta shiga rayuwarta cikin wata uku za ta ɗauki fiye da haka kafin ta fita, kuma likita ne ke tsara ragewar, ba mai sha ko mai kemis ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Kamfanin Roche ya fitar da Baliyam a 1963, ya zama ɗaya daga cikin magungunan da aka fi rubutawa a duniya, kafin a gane yadda yake kama mutane. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ta taƙaita amfani da irinsa don fargaba ko rashin barci zuwa mako biyu zuwa huɗu. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tilasta a ƙarfafa gargaɗin da ke jikin duk wannan dangin magani, a rubuta ƙarara cewa jiki na iya sabawa da shi ko da an sha yadda likita ya ce, kuma yanke shi kwatsam na iya jawo jijjiga mai barazana ga rai. Maganin yana da amfaninsa a asibiti, wajen tsayar da jijjiga da kafin tiyata. Laifin yana wurin sayar da shi kamar alewa. A dokar Najeriya sai da takardar likita ake ba da shi, kuma masu ƙananan shagunan magani ba su da izinin ajiye shi, amma duk wanda ya san unguwarsa ya san inda ake samu.

Ta yaya mutum zai gane?

Tambayar da ke raba fargabar asali da wadda abin sha ya haifar ita ce ta lokaci. Mutum ya ɗauki mako guda yana rubutawa a wayarsa: ƙarfe nawa ya sha, nawa ya sha, ƙarfe nawa gabansa ya fara faɗuwa, me ke faruwa a lokacin. Fargabar asali takan bi abin da ke faruwa a rayuwa, kamar kiran mai bin bashi ko shiga taro. Wadda abin sha ya haifar tana bin agogo: awa ɗaya ko biyu bayan karan ƙarshe, da asuba bayan daren da aka sha giya, ko dab da lokacin ƙwaya ta gaba. Kuma tana ɓacewa da zarar an sha, ko da matsalar rayuwar tana nan daram.

Alama ta biyu ita ce bayyanar abin da babu shi a da, kamar rawar hannu da safe, gumin dare, tashin zuciya ko kasa jure haske da ƙara. Ta uku ita ce adadin da ke hawa alhali sauƙin da ake samu na sauka. Likitocin ƙwaƙwalwa sukan jira kusan wata guda bayan an rabu da abin kafin su yanke hukunci kan ko akwai ciwon fargaba a ƙarƙashi, domin a wurin mutane da yawa babban kaso na damuwar yana tafiya da kansa.

Ba kowane abu ne ake dainawa iri ɗaya ba, kuma wannan bambanci ya kamata kowane magidanci ya sani. Sigari ana iya ajiye ta yau, a sha wahala, ba za ta kashe kowa ba. Kodin da tiramadol suna barin mutum da ciwon jiki, gudawa, hamma da ƙunci mai tsanani, tiramadol kuma yakan ƙara da firgici, don haka taimakon asibiti na rage azabar da ke mayar da mutane. Amma giya ga wanda ke sha da yawa kullum, da ƙwayoyin barci, su ne ba a yankewa a gida. Ga mai giya, karkarwa kan fara awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe, jijjiga na iya zuwa cikin kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane kuma a kwana na biyu zuwa na huɗu. Haɗa ƙwayar barci da kodin, tiramadol ko giya kuwa, duka suna danne numfashi, kuma ta nan ne ake kwanciya ba a tashi ba.

Inda hukumomi suka tsaya

A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da rahoton bincikenta kan maganin tari mai kodin, kuma nan take gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi. Matakin ya dace. Sai dai an rufe famfo ba a tanadi inda masu ƙishirwa za su nufa ba, kuma wanda fargaba ta kai shi ga kwalba ba ya warkewa don kwalbar ta yi tsada. Yakan nemi abin da ya fi araha.

Da yawa daga iyaye kuma gidajen mari suka sani. Samamen da 'yan sanda suka kai wani gida a Rigasa da ke Kaduna a watan Satumban 2019, inda aka fito da fiye da mutum 300, wasu da sarƙa a ƙafa, ya nuna abin da ke faruwa a bayan irin waɗannan katangu. Ko an ajiye maganar duka a gefe, kulle mai shan ƙwayar barci a ɗaki ba tare da likita ba daidai yake da abin da mijin matar can ya yi, sai dai a nan babu mai kai shi asibiti idan ya faɗi.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince cewa mai wannan lalura majinyaci ne mai haƙƙi. Abin da ya rage shi ne ta sauko daga takarda zuwa asibitin unguwa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Ƙware a Sakkwato, Maiduguri da Dawanau a Kano, da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, suna wannan aiki, amma matar da ke jin kunyar a gan ta a ƙofar "asibitin mahaukata" ba za ta je ba. Wurin da za ta je shi ne ƙaramin asibitin da take kai yara rigakafi. Ma'aikacin lafiyar da ke can ya kamata ya iya tambayar mai kukan rashin barci abin da take sha ba tare da tsawa ba, ya auna jininta ya duba maƙoshinta, tunda ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu suna kwaikwayon fargaba, sannan ya san lokacin da zai tura ta gaba. Majalisar kula da harkar magunguna da NAFDAC kuma su bi shagunan da ke sayar da diyazefam ba takarda, NDLEA ta riƙa bambanta dila da wanda ya kamu.

Ciwon fargaba kansa yana da maganin da ba ya juyowa ya ciji mai shi ta wannan hanya. Akwai zama da masanin halayyar ɗan Adam, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke kunna tsoron da fuskantar abin da yake gudu mataki-mataki. Akwai kuma magunguna irin su satiralin da fuluwoksetin, waɗanda ba sa sa maye. Matsalarsu a wurin wanda ya saba da sauƙin rabin awa ita ce jinkiri: sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji amfaninsu, kuma a makon farko wasu kan ji fargabar ta ɗan ƙaru. Idan ba a gaya wa majinyaci wannan tun ranar farko ba, a kwana na biyar zai ce maganin asibiti ba ya aiki, ya aika yaro kemis.